Murhu, injin suya da firiza: wanne za ka saya sabo, wanne na hannu idan jarin kaɗan ne

Mai shirin buɗe gidan abinci da ƙaramin jari yakan shiga kasuwa da tambaya ɗaya a ransa: sabo zan saya ko na hannu? Amsar ba ɗaya ba ce, domin kayan nan uku ba hanya ɗaya suke bi su lalace ba. Murhu ƙarfe ne da wuta, duk ciwon da ke jikinsa ido zai gano shi cikin minti goma. Firiza kuwa ciwonta a cikin bango yake, a bututun da ba ka gani, kuma ranar da ta tsaya ba ita kaɗai za ka rasa ba, har naman da ke cikinta. Injin suya yana tsakanin su biyun. Shi ya sa nake ba mutane shawara su raba kuɗinsu ta wannan ma'auni: abin da za ka iya gane lalacewarsa da idonka, saye shi na hannu, ko ka ba maƙeri ya haɗa maka. Abin da aibinsa ke ɓoye, kuma shi ke tsare maka jari, nan za ka zuba kuɗin sabo.

Akasin haka mutane da yawa suke yi. Za ka ga an sayi murhu mai walƙiya mai kai shida don kwastoma ya gani, sannan ɗan canjin da ya rage a sayi tsohuwar firiza da aka yi wa fenti jiya.

Kayan hannu iri biyu ne a kasuwanninmu, kuma ya kamata ka san wanda ke gabanka. Akwai waɗanda aka shigo da su daga waje, 'yan Beljiyam, da yawansu ta Legas suke shigowa, irin su kasuwar Alaba, kafin su hauro Arewa. Waɗannan sau da yawa ƙirarsu mai ƙwari ce, amma an yi su ne don wutar wata ƙasa, da gas ɗin wata ƙasa, da yanayin wata ƙasa. Akwai kuma waɗanda aka yi aiki da su a nan gida, daga gidan abincin da ya rufe ko otel ɗin da ya canza kaya. Su sun dace da wutarmu, amma sun sha wuyarta. Idan ka samu mai gidan abinci da ke rufewa yana sayar da kayansa da kansa, wannan ita ce dama mafi kyau, domin za ka ga kayan suna aiki a inda suke, ka kuma tambayi masu girkin, waɗanda sun fi mai wurin sanin halin kowane kai na murhu.

Murhu

Ga abincinmu, murhun ƙarfe da masu walda ke haɗawa, mai kai biyu ko uku na ƙarfen zubi, ya fi dacewa da aikin fiye da babban murhun Turai mai haɗe da oben. Dalilin a bayyane yake. Murhun Turai an jera kawunansa kusa da juna don ƙananan tukwane da kaskon suya. Ɗora masa tukunya mai cin kwano biyar na shinkafa, sai ta rufe kai biyu ko uku, ka biya kuɗin shida kana amfani da biyu. Ga shi da tsawo, ya kai ƙugu, mai tuƙa tuwo kuwa tana son tukunya ƙasa-ƙasa, inda za ta sa ƙarfinta a kan muciya ba tare da murhun ya girgiza ba. A wurare irin Fanteka a Kaduna, da wajen masu walda a kowane babban gari, za a haɗa maka daidai tukwanenka. Ka je da babbar tukunyarka ko awon gindinta, ka ce a bar tazara tsakanin kai da kai yadda tukwane biyu za su zauna ba su gogi juna ba. Ka dubi kaurin ƙarfen ƙafafun, ka hau kansa ka girgiza. Idan ya yi rawa da nauyinka, zai yi rawa da tafasasshiyar miya.

Idan na hannu ne, a kunna kowane kai a gabanka. Harshen wutar ya zama shuɗi, ya zagaye kan daidai. Idan yana ja ko rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iska ba ta isa ba ko ramukan sun toshe, gas ɗinka yana tafiya a hayaƙi. Wannan sau da yawa gyaran rabin awa ne, kuma dalili ne na neman ragi. Ka murɗa kowane makunni daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wutar ta ragu ta ƙaru a hankali, ta kuma mutu gaba ɗaya idan an rufe. Daga nan ka kaɗa ruwan omo, ka shafa a kowace mahaɗa gas yana buɗe. Inda kumfa ta riƙa tasowa, yoyo ne. Kada ka yarda kowa ya gwada maka yoyo da ashana, ko da ya ce kullum haka yake yi.

Murhun da aka shigo da shi daga Turai yana da tarko guda da ya kamata ka sani. Yawancin gidajen abinci a can gas ɗin bututu suke amfani da shi, wanda ke zuwa da ƙaramin ƙarfi, don haka ramin nozul ɗinsu, wato ɗan bakin da gas ke fitowa ta cikinsa, ya fi faɗi. Namu gas ɗin tukunya ne. Haɗa irin wannan murhu da tukunyarmu ba a canza nozul ba, sai ka ga wuta doguwa, rawaya, mai hayaƙi, mai haɗari. Duba ɗan allon ƙarfe da ke liƙe a jikinsa: G20 na nufin gas ɗin bututu, G30 ko G31 na nufin irin namu. Idan G20 ne, kada ka biya sai ka tabbatar akwai nozul ɗin da zai dace da shi a garinku, ka kuma sa kuɗin canjin a cikin lissafi.

Akwai gwajin da ba kowa ke yi ba, alhali shi ne ke gaya maka tsadar murhu ta gaskiya. Auna tukunyar gas a sikeli, kunna kai ɗaya har ƙarshe na awa guda, ka sake aunawa. Babban kai mai ƙarfin kilowat 8 yana shan kusan kilo 0.6 a awa, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi maka wajen awa 20. Idan kawuna uku irin wannan suna ci tare, awa bakwai ma da ƙyar. Banda haka, ƙaramar tukunya ba ta iya ciyar da manyan kawuna uku a lokaci ɗaya. Za ka ga jikinta ya yi gumi ya yi sanyi, wuta ta faɗi a tsakiyar girki alhali da sauran gas a ciki. Maganinsa tukunya mai kilo 50, ko a raba kawunan tsakanin tukwane biyu.

Abin da ba na yarda a saya na hannu ko kaɗan shi ne tiyo da regileta da maɗaurinsu. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa gobarar gas daga nan take tashi. Ka tabbatar regiletan ya dace da murhun, domin akwai kawuna masu son gas da ƙarfi, akwai masu son shi a hankali, kuma ba a musanya su. Tukunyar gas ita ma tana da shekarar ƙira a buge a jikin mariƙinta. Wadda ta haura shekara 15, ko ta lotsa, ko gindinta ya ci tsatsa, bar ta a inda ka gan ta. A ajiye tukunya a waje ko inda iska ke ratsawa, domin wannan gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya.

Injin suya

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka ko kana buƙatarsa yanzu. Mai ƙosai da mai awara da mai soya kifi sun daɗe suna sana'a da kasko. Abu ɗaya ne injin suya ya fi kasko da shi ƙwarai, wato tamostat, na'urar da ke riƙe zafin mai a inda ka saita. Dankalin turawa da kaza suna son zafi tsakanin digiri 170 zuwa 180. Idan ya yi ƙasa, abinci ya sha mai ya yi laushi. Idan ya wuce, mai ya ƙone ya yi baƙi, ka zubar da shi kafin lokacinsa. A wannan sana'a man gyaɗa ya fi injin cin kuɗi a shekara, don haka injin da ba shi da tamostat mai aiki kasko ne kawai mai kusurwa huɗu. Yawancin na gas masu araha da ake haɗawa a gida haka suke. Ba laifi ba ne ka saye su, amma kada ka biya kuɗin abin da babu, kuma ka haɗa da ma'aunin zafi mai tsinke da ake tsomawa a mai.

Girma ma tarko ne. Injin da ke cin lita 20 sai an zuba masa lita 20 kafin ka soya faranti ɗaya, kuma man yana tsufa ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Ga mai farawa, lita 6 zuwa 8 ta isa. Biyu ƙanana sun fi babba ɗaya, domin kifi ba zai bar ƙarninsa a dankali ba.

Na lantarki sabo, ƙarami na kan tebur, ba shi da tsada sosai, shi ya sa yake jan hankali. Amma dubi abin da aka rubuta a bayansa. Mai kwano ɗaya yawanci wat 2,500 ne ko kusa da haka, wato yana jan kusan amfiya 11, soket mai amfiya 13 ya kusa cika da shi kaɗai. Mai kwano biyu ninki biyu ne, kowane kwano da nasa soket da waya mai kauri. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa da yamma, lokacin da ake cinikin dankali da kaza, to na lantarki zai zama kayan ado, ko kuma ya mayar da ribarka kuɗin fetur. A irin wannan wuri na gas ne amsa. Manyan na lantarki da ake shigo da su kuwa, da yawansu layi uku suke buƙata, za ka ga 380V ko 400V a jikinsu. Idan shagonka layi ɗaya ne, ko kyauta aka ba ka nauyi ne.

Na hannu mai tamostat yana iya zama ciniki mai kyau, amma sai da gwaji da mai, ba da ruwa kaɗai ba. Ruwa ba ya wuce digiri 100, ba zai nuna maka ko tamostat yana yankewa ba. Zuba mai har layin da aka zana, saita 175, ka tsoma ma'auninka. Ya kamata wutar ta ɗauke a kusa da nan, ta dawo idan ya ɗan huce. Idan ma'auni ya wuce 200 wuta ba ta ɗauke ba, kashe da hannu nan take, tamostat ya mutu ko an tsallake shi. Bayan ya yi zafi, leƙa ƙarƙashin kwanon da tocila, musamman inda aka yi walda da bakin famfon tsiyaye mai. Wata tsagewar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Kwanon da ke ɗigar mai a kan harshen wuta ba abin gyara ba ne, abin bari ne. Kuma duk inda aka ajiye injin suya, murfinsa ya kasance kusa. Idan mai ya kama, a kashe gas a rufe, ba a watsa ruwa.

Firiza da firji

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake yin asarar da ke rufe shago.

Abu na farko da za ka duba, sabo ko tsoho, shi ne takardar da ke liƙe a baya ko a ciki. Wutarmu 230 ce, don haka ka nemi 220-240V da 50Hz. Na Amurka 110 zuwa 120 ne da 60Hz, na Japan 100. Ana iya haɗa su da taransifoma, amma ka ƙara wa kanka wani abin lalacewa, kuma ranar da yaron shago ya jona kai tsaye, shi ke nan. Sai ajin yanayi. Harafin N na nufin an yi shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu zafin waje kan kai 40, balle kicin da murhu uku ke ci. Firjin da aka ƙera don Jamus mai ajin N zai yi ta aiki ba hutu a wannan zafi, sanyin bai kai ba, kwamfuresa, wato injin da ke zagaya gas ɗin sanyi, yana gajiya. Wannan shi ne babban dalilin da firizar Beljiyam mai kyawun gani take yin lafiya lau a lokacin hunturu, bazara na shigowa ta fara ciwo. Nemi T. A kan manyan firji na kasuwanci lamba ake sawa, 5 ita ce ta wuri mai zafi.

A takardar za ka ga irin gas ɗin da ke ciki. R12 tsohon yayi ne da aka daina, ganinsa kaɗai ya gaya maka na'urar ta tsufa ƙwarai. R134a da R600a su suka fi yawa, masu gyara sun san su. R600a da R290 suna kama wuta, don haka gyaransu sai wanda ya san aikinsa.

Akwai maganar da masu sayarwa ke yi wadda ya kamata ta tsayar da kai: "Yanzu muka sa mata sabon gas." Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa da aiki kamar fetur. A rufe yake yana zagayawa. Idan an ƙara, to ya zube ne ta wani wuri, kuma tambayar ita ce ko an gano wurin an toshe. A firiza mai murfi a sama, bututun sanyin a binne yake cikin bango. Idan can ne yake yoyo, za a cika ta yau ta yi ƙanƙara kamar sabuwa, bayan mako uku ko wata biyu ta koma akwati. A ranar ciniki ba ka da hanyar gani. Wannan ɓoyayyen ciwo shi ne ya sa nake cewa firizar da za ta riƙe nama a saye ta sabuwa, ko da ƙarama ce.

Idan kuɗi ya ƙi, dole sai ta hannu, to ga yadda za ka rage haɗarin. Ka ce a kashe ta tun daren jiya, kana so ka same ta da ɗumi. Firizar da ka tarar da ƙanƙara a ciki ba ta gaya maka komai ba, wataƙila kwana biyu ta yi tana fama kafin ta kai haka. A jona a gabanka, ka tsuguna ta baya ka saurara. Kwamfuresa mai lafiya yana tashi nan take da gurnani mai laushi. Idan ka ji ya yi gunji na 'yan daƙiƙu sai "ƙas", ya yi shiru, bayan minti biyu ya sake, yana kasa tashi ke nan. Wani lokaci ɗan abin tayar da shi ne mai araha, wani lokaci kwamfuresan ne kansa, kuma canza shi kan ci babban kaso na kuɗin firizar. Bayan minti 20 zuwa 30, buɗe ka shafa bangon ciki. Farar ƙanƙara siririya ta fara kama bangon ko'ina daidai. Idan a kusurwa ɗaya kawai ta taru, sauran bango ba sanyi, gas ya yi kaɗan ko bututu ya toshe.

Leƙa wajen kwamfuresa da tocila. Sabuwar walda a kan bututun jan ƙarfe, ko bawul ɗin cika gas da aka ɗaura, shaida ce an taɓa buɗe ta. Danshin mai a mahaɗa alamar yoyo ce, domin gas idan zai fita da ɗan mai yake fita. A ciki ka nemi tabon wuƙa, inda aka riƙa sarar ƙanƙara, nan ne ake huda bututu. Sa takardar kuɗi a bakin murfi ka rufe ka ja, ka zagaya duk gefe huɗu. Inda ta zare ba turjiya, robar ta saki. Roba ana canzawa da sauƙi. Abin da ba a gyarawa shi ne soson cikin bango idan ya sha ruwa: za ka ji firizar ta yi nauyi fiye da girmanta, gindinta da tsatsa, jikinta na waje yana gumi. Irin wannan tana yin sanyi, amma ba ta riƙe shi, ana ɗauke wuta take saki.

Na ƙarshe yana son haƙuri. Bar ma'aunin sanyi a ciki, ka tafi harkarka, ka dawo bayan awa uku ko huɗu. Firiza ta kusanci digiri 18 ƙasa da sifili, firji ya sauka zuwa 5 ko ƙasa. Ka kuma zauna har ka ji kwamfuresa ya huta da kansa. Wasu masu gyara suna tsallake tamostat su haɗa kai tsaye don sanyi ya burge mai saye. Wadda ba ta hutawa tana shan wuta, kuma ba ta daɗewa. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Sai lissafin wuta, wanda ba a gani a ranar saye. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wuta na rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Mu ɗauki wannan farashi don misali. A ce tsohuwar firiza tana shan yunit 3 a rana, sabuwa mai girmanta tana shan 1.2. Bambancin yunit 1.8 ne a rana, yunit 657 a shekara, kusan naira 148,000. Idan da janareta ne, ya fi haka. Lambobin taka firizar za su bambanta, kuma mai gyara zai iya auna abin da take ja da mitarsa. Amma ka ga yadda rangwamen da aka yi maka a kasuwa zai iya komawa wajen kamfanin wuta cikin shekara ɗaya ko biyu.

Wajen zaɓen iri, ga wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, mai murfi a sama ta fi ta tsaye. Iska mai sanyi ƙasa take zama, don haka buɗe murfi ba ya zubar da ita. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa kan riƙe abinci a daskare har kusan kwana biyu, rabin cika kusan kwana ɗaya, a zafinmu kuma ka rage. Firji kuwa awa huɗu ne kawai. Mai ƙofar gilashi yana sayar da lemo domin ido na gani, amma yana shan wuta yana saurin sakin sanyi, ba wurin nama ba ne. Kuma ka yi hattara da wanda ke ɗauke da tambarin kamfanin lemo. Sau da yawa aro kamfanin ya ba mai shago, ba nasa ba ne balle ya sayar.

Sabuwa ma sai da kula. A buɗe kwali a gabanka, lambar da ke jikin na'ura ta yi daidai da ta katin garanti da ta rasit, a buga hatimi. Tambayi inda ake kai gyara a garinku, domin garantin da sai an kai Legas ba shi da amfani ga mai nama a ciki. Yawancin garanti ba ya ɗaukar ɓarnar wuta, don haka sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta kunnawa wani ɓangare ne na kuɗin firiza. Wuta mai rauni da wadda ke ɗaukewa ta dawo nan take su ne ke kashe kwamfuresa. Yana buƙatar hutun minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, kuma a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ja yana tafiya sau da yawa, abin da ya kamata ka tuna wajen zaɓen janareta ko inbata.

Yadda zan raba kuɗin

A ce wata baiwar Allah za ta buɗe wurin abinci mai benci huɗu: shinkafa da miya da tuwo da rana, dankali da kaza da yamma, ga zoɓo da kunun aya. Wutar unguwar tana zuwa da dare, da rana sai sa'a. Kuɗin kayan aiki a hannunta bai isa a sayi komai sabo ba.

Zan ce mata: Hajiya, kusan rabin kuɗin ki sa a sabuwar firiza mai murfi a sama, lita 200 zuwa 300, ajin T, da na'urar kariyarta. Wannan ta nama da kaza ce kaɗai. Murhu ki ba mai walda ya haɗa mai kai uku, biyu manya na shinkafa da tuwo, ɗaya matsakaici na miya, da sabon tiyo da regileta da tukwanen gas biyu. Injin suya ki jinkirta shi. Ki fara da kasko mai zurfi a kan na ukun da yamma, tunda miya ta sauka, da ma'aunin zafi a hannu. Idan bayan wata uku cinikin dankali ya nuna yana cin kasko biyu a lokaci ɗaya, sai ki nemi na gas mai tamostat, na hannu ma ya yi idan ya ci gwajin mai.

Zoɓo da kunun aya fa? A nan ne tsohuwar firiza mai araha take da gurbi, domin idan ta tsaya asarar ta yini ɗaya ce, kwastoma ya sha da ɗan ɗumi ko a sayo ƙanƙara. Kada a haɗa su da nama wuri ɗaya. Kowace firiza tana da iyakar kilon da za ta iya daskarar a awa 24, a rubuce yake a takardarta. Zuba gora 50 na zoɓo mai ɗumi a kan kaji, sai sanyin ya koma kan gorunan, kajin su fara saki, ga buɗe murfi kowane minti biyar.

Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kuma kada ta taɓa shi. Ɗauko kaya, jan waya mai kauri, canjin roba, ladan mai gyara, duk daga nan za su fito. Mai gyaran da zai raka ta kasuwa ita za ta biya shi, kada ya zama wanda ke jiran la'ada daga mai shago. Duk abin da ta saya na hannu a rubuta a rasit lambar na'urar da kwanakin gwaji da aka amince, da abin da za a yi idan ta tsaya cikin kwanakin, canji ko mayar da kuɗi. Ga firiza mako ɗaya ya yi kaɗan, ta nemi wata guda ko da za ta ƙara wani abu a kai, domin ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa a kwana bakwai.

Ranar ɗaukowa a ɗora firiza yadda take zama, kada a kwantar da ita a bayan a-daidaita-sahu. Idan dole aka karkata ta, a bar ta a zaune awoyi da dama, kwana guda ya fi, kafin a jona, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A ajiye ta nesa da murhu da hasken rana, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. A kunna ta babu komai a ciki har sai ma'auni ya nuna ta kai sanyinta, sannan a zuba nama.